Takarda Biyu, Bashi Ɗaya

A cikin kwamfutata akwai takardu biyu da na rubuta wa mutum ɗaya a kan kuɗi ɗaya, tsakaninsu wata biyu. Sana'ata zane: tambarin kamfani, sitikar jikin kaya, fosta, katin biki. Ba ni da albashi, abin da na zana shi nake ci. Mutumin kuwa wani Alhaji ne mai ɗan kamfanin yaji da garin kunu a Kano, sa'an mahaifina, wani yayana na unguwa ne ya haɗa mu. Duka takardun biyu niyyarsu guda, wato in ajiye masa aikinsa in karɓi haƙƙina. Ta farko ba ta kawo ko sisi ba. Ta biyu ta kawo kuɗin, amma ta ci mini wani abu da ta farkon ta tsare.

Ga yadda aka faro. Ranar 6 ga Mayu 2024 muka yi ciniki a WhatsApp: tambari naira 150,000, sitikar kaya uku kowace 80,000, sai ɗan littafin talla 110,000. Jimla 500,000. Ya turo kafin alƙalami 150,000. Na gama tambari da sitikun na tura masa ranar 10 ga Yuni, domin yana son kayan su shiga kasuwa kafin Babbar Sallah. Ya ce ciko sai bayan Sallah. Bayan Sallah ya koma ƙarshen wata, ƙarshen wata ya koma "akwai kuɗin da nake jira daga Legas". Ranar 22 ga Yuli na ji alat na 50,000, tare da saƙon cewa in ƙara girman hoton barkonon da ke jikin kwalbar yaji. Daga nan shiru, sai dai gyare-gyare da ba su yanke ba.

A farkon Satumba na rubuta ta farko. Ga zuciyarta:

"Assalamu alaikum Baba Alhaji. Da fatan an tashi lafiya, ya iyali, ya kasuwa. Allah ya ƙara buɗi. Dama ina so ne in ɗan tuna maka maganar ragowar kuɗin nan, saboda wasu 'yan larurori da suka taso mini. Na san yanayin da ake ciki. Idan Allah ya hore, ko wani abu ne a taimaka a turo. Game da littafin nan kuma, ina ganin zan ɗan dakata tukuna. A gafarce ni idan na takura."

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san inda wannan harshe ya fito. Yaro ba ya tsayawa gaban sa'an ubansa ya ce masa "biya ni". Kuma ba zan raina takardar nan ba, domin tana da aikin da take yi. Ta bar wa dattijo mutuncinsa, ta bar ƙofa a buɗe, ba ta jefa yayana da ya haɗa mu cikin kunya ba. A sana'a irin tamu yawancin aiki ta bakin mutane yake zuwa: wanda ka yi wa sitika shi zai nuna ka ga maƙwabcin shagonsa. Mai zanen da aka yi wa shaidar cewa ba shi da kara, aikinsa zai ragu ko da hannunsa ya fi na kowa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ni ma an taɓa ɗaga mini ƙafa.

To amma a sake karanta ta da idon wanda ake bi. Babu adadi a ciki. "Ragowar kuɗin nan" nawa ne? Babu rana: "idan Allah ya hore" na iya zama gobe, na iya zama baɗi, kuma ba wanda zai ce an saɓa. "Ko wani abu ne" izini ne na a turo dubu goma a huta wata guda. Mafi muni, na jingina kuɗin da larurata, na ce "a taimaka". Da bakina na mayar da haƙƙi ya zama roƙo, shi kuwa roƙo ana iya amsa shi da "Allah ya rufa asiri". Haka ɗin aka yi. Ya amsa da murya mai daɗi, ya yi mini addu'a, ya ce in sha Allahu satin nan. Maganar ajiye aiki ma bai ji ta ba, domin ban faɗe ta ba. "Zan ɗan dakata tukuna" ba sallama ba ce. Bayan kwana huɗu ya turo hotunan da za a sa a littafin.

Abin da ya sauya mini tunani ba fushi ba ne. Wata rana a watan Oktoba na shiga wani kanti sayen sabulu, sai ga kwalaben yajinsa jere a kan kanta, da tambarina, da barkonon da na ƙara wa girma. Na ɗauki ɗaya na juya ta. Bugun ya yi kyau, takarda mai sheƙi, ba aikin araha ba. Na san masu maɗaba'a ba sa sakin dubban sitika sai sun ga kuɗinsu. An biya mai kwalba, an biya mai bugu, an biya mai mota. Ni kaɗai aka bari, domin ni kaɗai ne jirana ba ya tsayar da komai.

A nan ne ma'aunin yake. Malamanmu sun daɗe da raba masu bashi gida biyu. Akwai wanda ke cikin ƙunci, wanda aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a jinkirta masa. Akwai kuma mai hali da ke jan ƙafa, wanda hadisi ya lissafa jinkirinsa cikin zalunci. Takardar lallashi an yi ta ne domin na farko, ni kuma na aika wa na biyu. Ana iya gane su. Wanda ba shi da shi yakan kira ka kafin ka kira shi, yakan faɗi dalili ɗaya ya tsaya a kansa, kuma yana jin nauyin ya ƙara ɗora maka aiki. Mai jan ƙafa dalilinsa sabo ne kowane mako, ba ya taɓa furta adadi da bakinsa, yana turo ɗan abu daidai lokacin da yake son sabon gyara, kuma kasuwancinsa na tafiya a gaban idonka.

Kafin in rubuta ta biyu sai da na zauna na yi lissafi, kuma lissafin ya ba ni kunya. Watanni ina faɗa wa kaina da matata cewa ina bin Alhaji 300,000, wato 500,000 a cire 200,000. Ashe ba haka ba ne. Littafin talla ban gama shi ba, ban kuma miƙa shi ba, kuma tunda ni ne zan ajiye aikin, ba ni da bakin neman kuɗinsa. Aikin da na miƙa shi ne tambari da sitika uku, 390,000. Akwai 18,000 da na biya daga aljihuna na bugun gwaji don ya ga launi a takarda, kuma ina da saƙonsa da ya ce in biya zai mayar mini. Ya zama 408,000. A cire 200,000 da ya bayar, saura 208,000. Gyara kuwa, mun yi da shi sau uku ne, na yi sau bakwai, amma ba mu taɓa yanka wa ƙarin farashi ba, don haka na bar shi. Raina ya so in saka. Sai dai adadi ɗaya da za a iya musu a kansa ya isa ya mayar da takardar gaba ɗaya abin ciniki, a bar maganar biya a koma maganar "ai ba haka muka yi ba".

Ga takardar, kamar yadda na aika ta ranar Litinin 4 ga Nuwamba 2024:

"Assalamu alaikum Baba Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Na rubuto ne in sanar da kai cewa daga yau na ajiye aikin zanen da nake yi wa kamfaninka. Ba zan ci gaba da littafin talla ba, ba kuma zan karɓi sabon gyara ba. Na cire kuɗin littafin, naira 110,000, daga lissafi.

Bisa cinikinmu na 6 ga Mayu 2024, na miƙa tambari a kan 150,000 da sitika uku a kan 240,000 ranar 10 ga Yuni. Na biya 18,000 na bugun gwaji da izininka. Jimla 408,000. Ka biya 150,000 ranar 6 ga Mayu da 50,000 ranar 22 ga Yuli. Abin da ya rage naira 208,000 ne.

Ina roƙon a biya wannan kuɗi gaba ɗaya a asusun da ke ƙasa, zuwa ƙarfe 5 na yammacin Litinin 18 ga Nuwamba 2024. Wannan ne wa'adi na ƙarshe. Da zarar kuɗin sun shigo, zan turo maka ainihin fayilolin zanen da rubutacciyar shaidar cewa sun zama mallakar kamfaninka. Idan ranar ta wuce ba a biya ba, zan kai maganar kotun ƙananan basussuka.

Idan ka ga kuskure a lissafin, ka nuna mini kafin ranar. Na gode da amanar da ka ba ni. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka."

Wanda ya ajiye takardun biyu gefe da gefe zai ga gaisuwar ba ta canza ba. Baba Alhaji yana nan Baba Alhaji, addu'a tana nan. Da ina zaton zaɓi biyu ne kawai, ko ladabi ko gaskiya. Ashe abin da na cire ba ladabin ba ne, hazo ne. Na kuma cire larurata, domin ko ina da miliyan a banki kuɗin nan nawa ne. Ban ce ya yaudare ni ba, ban lissafa alkawuran da ya karya ba, ban ambaci kwalaben da na gani a kanti ba. Daren da na fara rubutawa duk sun shiga, har da wata magana a kan Umararsa da na ji daɗinta ƙwarai. Da safe na goge su. Zagi kyauta ce ga wanda ake bi: yana ba shi abin da zai kai wa mutane ya ce "ku ji abin da yaron nan ya faɗa mini", daga nan kai ne za ka je ba da haƙuri, kuɗinka na hannunsa.

Wa'adin shi ne ƙashin bayan takardar, kuma na daɗe a kansa. Kwana uku cin fuska ne ga mai kasuwanci wanda kuɗinsa ke cikin kaya. Wata guda kuma komawa ne gidan jiya, "ƙarshen wata" da muka saba. Kwana goma sha huɗu ya ishi mai niyya ya tattaro 208,000, bai kuma kai a manta ba. Na rubuta sunan ranar, kwanan wata da ƙarfe, domin "nan da sati biyu" sai an tambayi daga yaushe. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Amma kalmar "na ƙarshe" tana ɗaure mai rubutu fiye da wanda aka rubuta wa. Idan 18 ga wata ta wuce ka sake aika wani wa'adin na ƙarshe, ka koya masa cewa ranakunka ado ne, kuma ka fi inda ka faro rauni. Takardar lallashi ana iya aika ta sau goma. Wannan sau ɗaya ake harba ta. Wanda ya san ba zai iya taka matakalar kotu ba, kada ya rubuta kotu. Ya rubuta abin da zai iya, ko da riƙe fayiloli ne kawai da kai maganar gaban wanda ya haɗa su.

Na ambaci kotu ne don na san tana nan. Legas ta buɗe kotunan ƙananan basussuka a 2018, Kano ta bi baya a 2019, kuma an tsara su ne don mutum ya tsaya wa kansa ba tare da lauya ba, a gama shari'a cikin kwana sittin. Matakin farko a tsarinsu shi ne takardar neman biya, suna ma da fom nasu na hakan, saboda haka mai lissafi a rubuce ya riga ya yi rabin shiri. Ban ambaci 'yan sanda ba, ko da yake abokaina biyu sun ba ni wannan shawara. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na laifi ba, kuma wanda ya sa aka tsare abokin cinikinsa a kan bashi yana iya wayar gari shi ake ƙara. Ban kuma yi barazanar tallata shi a Facebook ba. Wannan hanya ce ta janyo wa kai ƙarar ɓata suna, kuma duk mai kamfanin da ya karanta zai ce gobe ni ne.

Ban ɗora ko kwabo na jinkiri ba. Hauhawar farashi a waɗannan watanni ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuma hayar manhajar da nake aiki da ita da dala ake biya, saboda haka 208,000 na Nuwamba ba su kai na Yuni ba. Wannan asara ce ta gaske, kuma ita ce kuɗin da takardar lallashi ke ci a ɓoye. Amma ƙari a kan bashi saboda jinkiri riba ce a wurina da wurinsa, ba mu kuma yi yarjejeniyarsa ba. Maganin wannan a farkon ciniki yake, ba a ƙarshensa ba.

Maganar fayiloli tana buƙatar a fahimce ta da kyau, domin nan ne ƙarfin mai zane yake, nan ne kuma na yi sakaci. Abin da na tura masa a Yuni PDF ne mai cikakken inganci, wanda maɗaba'a za ta buga kai tsaye. Da na tura ƙaramin hoto mai tambarin ruwa a kai na riƙe na bugu sai an biya, da duk wannan labari bai taso ba. Abin da ya rage a hannuna shi ne fayilolin CDR na CorelDRAW, waɗanda sai da su ake canza farashi, nauyi, adireshi ko lambar NAFDAC cikin sauƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta bar mallakar zane a hannun wanda ya yi shi sai in an yi yarjejeniyar akasin haka, kuma mayar da mallakar ga wani sai a rubuce. Shi ya sa na yi masa tayin rubutacciyar shaida, abu ne mai daraja da bai mallaka ba tukuna. Amma ban ce ya janye kayansa daga kasuwa ba. Ni na ba shi zanen da hannuna don ya buga, ya kuma biya wani ɓangare. Da'awar cewa ba shi da izini doguwar muhawara ce da ba na so in buɗe.

Na aika takardar ta hanya biyu: PDF a WhatsApp, da bugaggiya guda biyu da na kai ofishinsa, akawunsa ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗaya na dawo da ita. Na ɗauki hoton duk hirarmu tun daga Mayu na adana, tunda dokar shaida ta 2011, a sashe na 84, ta buɗe ƙofar karɓar irin wannan hujja idan an cika sharuɗɗanta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take, amma mu da muka haddace ta mu ne ke jin kunyar miƙa wa mutum biro. Abu na ƙarshe da na yi, wanda da na tsallake shi da na yi babban kuskure, shi ne na je wurin yayana tun kafin in aika, na nuna masa takardar. Ya karanta sau biyu, ya ce, "Ƙanena, ka tabbata?" Na ce na tabbata, Yaya. Ya ce to, babu zagi a ciki, aika.

Kwana biyu Alhaji bai ce komai ba. A na uku ya rubuto layi ɗaya, babu sallama: ya gani, zai biya. Wannan layin kaɗai ya fi duk addu'o'in Satumba amfani, domin bai musa adadin ba. Ranar 18 da azahar 150,000 suka shigo. Da la'asar yayana ya kira, ya ce Alhaji ya roƙi a ba shi zuwa 30 ga wata a kan sauran 58,000, kuma shi ya tsaya masa. Na yarda, da sharaɗin Alhaji ya rubuto adadin da ranar da hannunsa, fayiloli kuma su zauna a wurina. Ina ganin wannan bai karya wa'adin ba: kusan kashi uku cikin huɗu sun shigo, ga rubutu, ga mai tsayawa. Da 20,000 ya turo da sabon labarin Legas, da washegari ina kotu.

Bayan haka na sake aika takarda mai taushi, ga wata Hajiya mai turaren wuta da nake bi bashi, wadda mijinta ya kwanta asibiti. Ita ta fara kirana ta faɗa mini. Na rubuta mata cewa ragowar 45,000 ne, babu gaggawa, ta biya lokacin da ta samu sarari. Ban sa mata rana ba, amma na sa adadin.

Alhaji ya cika 58,000 ranar 29 ga Nuwamba. Na tura masa fayilolin da shaidar mallaka a daren. Bai amsa ba. Wani mai kamfanin man gyaɗa da Alhaji ya taɓa cewa zai haɗa ni da shi, har yau ban ji daga gare shi ba, kuma aikin da na hango a can ya fi 208,000. Mun haɗu da Alhaji a wani ɗaurin aure bayan azumi, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice yana kallon wani wajen. Yajin yana nan a kanti, an ƙara masa farashi, an kuma canza launin murfin zuwa wani kore da bai dace da sitikar ba.